Raba tazara bisa ƙiyasin kuskure: yaushe ya dace lissafin intigiral ya tsaya?

Tambaya: Na rubuta ɗan shiri mai lissafa intigiral da dokar Simpson, wanda yake raba tazara gida biyu duk lokacin da amsoshi biyu suka saɓa. Wani lokaci yakan tsaya da wuri ya ba ni amsar da ba daidai ba, alhali yana nuna kuskuren kaɗan ne. Da na matse haddin kuskuren zuwa `1e-12` a kan wani `f` da ƙimarsa ke kai miliyan, sai ya ƙi ƙarewa gaba ɗaya. Yaya zan sa ya tsaya ba tare da ya yaudare ni ba?

Amsa: Lambar da shirinka yake kira kuskure ba kuskuren ba ce, hasashe ce da aka gina a kan wani zato game da halin `f`, kuma matsalolinka biyu duk daga nan suka fito. Inda zaton ya tabbata, hasashen yana da kyau ƙwarai. Inda ya rushe, lambar ba ta da wata ma'ana, kuma babu abin da ke cikin gwajin da zai sanar da kai hakan sai ka gina shi da hannunka. Saboda haka ya kamata mu fara duba inda lambar ta samo asali.

Ɗauki yanki daga `a` zuwa `b` mai faɗin `h`, da tsakiyarsa `m`. Dokar Simpson tana ba da `S1 = h/6 * (f(a) + 4*f(m) + f(b))`, kuma kuskurenta shi ne `-h^5/2880` sau diribatib na huɗu na `f` a wani wuri cikin yankin. Idan aka raba yankin biyu aka yi wa kowane rabi Simpson aka haɗa, za a sami `S2`. Kowane rabi kuskurensa ya ragu sau 32, domin rabin `h` ne aka ɗaga zuwa ƙarfi na biyar, amma da yake rabin guda biyu ne, jimillar ta ragu sau 16 kawai. Idan kuskuren `S1` ya kasance `E`, na `S2` ya zama `E/16`, bambancinsu `d = S2 - S1` kuwa ya zama `15E/16`, wanda ya yi daidai da kuskuren `S2` sau 15. Daga nan aka samo gwajin da kowa ya sani, wato `abs(d) <= 15*eps`. A nan `eps` shi ne haddin kuskuren da ka bayar. Kuncir da McKeeman sun wallafa sigogin farko na wannan dabara a 1962, sannan Lyness ya kawo lambar 15 a 1969, tare da shawarar a ƙara `d/15` a kan `S2` kafin a mayar da amsa. Wannan ƙarin yana mayar da lissafin dokar Boole, wadda ba ta kuskure ga folinomiyal har mai daraja biyar.

Zaton yana ɓoye ne a wurin da na ce kuskuren ya ragu sau 16. Wannan gaskiya ne kawai idan diribatib na huɗu yana nan, kuma bai sauya sosai ba daga wannan gefen yankin zuwa wancan. Akwai wata hanyar rubuta `d` da take bayyana abin a fili. Idan ka kira ƙimomin `f` a ɗigogi biyar na yankin `f0` zuwa `f4`, to `d = -h/12 * (f0 - 4*f1 + 6*f2 - 4*f3 + f4)`. Ka ga ke nan duk ilimin da shirin yake da shi game da yankin bai wuce lambobi biyar ba, kuma abin da yake tambaya kawai shi ne ko lambobin nan biyar sun yi kusa da kwantawa a kan folinomiyal mai daraja uku. Abin da `f` yake yi a tsakanin ɗigogin, shirin bai gani ba, bai kuma tambaya ba.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshensa, da `f(x) = sqrt(x)` daga 0 zuwa 1, wanda muka san amsarsa ita ce 2/3, wato 0.666667. Na zaɓe shi ne domin yana da santsi a ko'ina ban da wuri ɗaya tak, wato a sifili, inda diribatib ɗinsa yake tashi ba iyaka.

A kan tazarar gaba ɗaya, `S1` ya fito 0.638071. Rabin hagu ya ba da 0.225592, rabin dama ya ba da 0.430934, saboda haka `S2` ya zama 0.656526. Bambancin `d` shi ne 0.018455, idan aka raba shi da 15 kuwa a sami 0.001230. Wannan ita ce lambar da shirin zai ce ita ce kuskuren `S2`. Ainihin kuskuren kuwa 0.010140 ne, ya ninka ƙiyasin fiye da sau takwas. Ko an ƙara gyaran Lyness, amsar 0.657757 ce, kuma saura 0.0089 kafin a kai gaskiya. Da a ce haddin da ka bayar 0.002 ne, da shirin ya karɓi wannan amsa nan take, ya kuma shaida maka cewa ya cika alkawari.

Dalilin a bayyane yake idan aka kwatanta kurakuran biyu. Kuskuren `S1` 0.028595 ne, na `S2` kuma 0.010140, wato raguwar sau 2.82 ce, ba sau 16 ba. A kusa da sifili kuskuren yana tafiya ne da `h^1.5` maimakon `h^5`, kuma 2 da aka ɗaga zuwa 1.5 shi ne 2.83. Yanzu dubi rabin dama shi kaɗai, daga 0.5 zuwa 1, inda `sqrt` yake da santsi. A can `d` ya fito `2.82e-5`, ƙiyasin ya zama `1.9e-6`, ainihin kuskuren kuma `2.2e-6`. Gwaji ɗaya, fankishin ɗaya, amma a gefen dama ƙiyasin ya kusa bugun gaskiya, a gefen hagu kuma ya yi nisa da ita.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan shi ne cewa ana iya auna raguwar, ba sai an zace ta ba. Idan ka ƙara raba kowane rabi ka sami `S4`, a misalinmu 0.663079, bambancin `S4 - S2` zai zama 0.006553. Raba bambancin farko da na biyu, za ka sami 2.82, kuma ba ka buƙaci sanin amsar gaskiya ba kafin ka samu wannan lamba. Idan raguwar da aka auna ita ce `r`, abin da ya kamata a raba `d` da shi shi ne `r - 1`. A nan 0.018455 a raba da 1.82 ya ba da kusan 0.0101, daidai da ainihin kuskuren. Don haka a shirin da za a dogara da shi, ina ganin bai dace a yi amfani da 15 ba sai raguwar da aka auna ta kusanci 16. In ba ta kusanta ba, a ɗauki `abs(d)` ɗungurungum a matsayin kuskure, ko ma fiye da haka idan `r` ya gaza 2, kuma kada a ƙara gyaran `d/15`, tunda hujjarsa ta faɗi.

Duk da haka, idan ka ba shirinka haddin `1e-6` a kan wannan misali, zai ba ka amsa mai kyau, kuma yana da amfani ka ga yadda hakan ke faruwa. A tsarin da aka saba, duk lokacin da aka raba yanki ana raba haddin ma gida biyu, ta yadda yanki mai faɗin `h` rabonsa shi ne `eps*h` idan tazarar gaba ɗaya faɗinta 1 ne. Hikimar ita ce idan kowane yanki ya tsaya cikin rabonsa, jimillar kurakuran ba za ta wuce `eps` ba. Yankin da ya fara daga sifili zuwa `h` bambancinsa shi ne `0.018455*h^1.5`, kuma ana so ya sauka ƙasa da `15*eps*h`. Wannan ba ya faruwa sai `h` ya gaza `6.6e-7`, wato sai an raba gefen hagu sau 21. Yankunan da ke damansu ba su da wahala: huɗun farko, daga mai farawa a 1/2 zuwa mai farawa a 1/16, kowanne ya buƙaci a ƙara raba shi sau ɗaya, sauran kuma sun wuce a gwajin farko. Yankuna 51 aka gwada, kowanne da sababbin ɗigogi biyu, ga kuma ukun farko, jimilla an kira `f` sau 105. Simpson mai ɗigogi daidai wa daida zai buƙaci kimanin 2000 kafin ya kai wannan daidaito, kuma wannan ratar ita ce dukan ribar raba tazara bisa buƙata.

Amma ka lura da yankin ƙarshe na hagu. Ainihin kuskurensa kusan `3e-12` ne, rabon da aka ba shi kuwa `4.8e-13`, wato har a nan ma ya ƙetare rabonsa sau shida zuwa bakwai. Abin da ya cece mu shi ne rabon ya yi ƙanƙanta har ƙetare shi bai taɓa jimillar ba. Ta wani gefen kuma an yi asarar aiki, domin tun a rabawa ta tara ko ta goma kuskuren wannan gefen ya riga ya sauka zuwa wajen `1e-6`. Raba haddi daidai da faɗi yana tilasta wa yanki mai wahala ya biya farashin da jimillar ba ta nema ba.

Yanzu ga tsayawa da wuri, wadda ita ce mafi haɗari cikin matsalolinka, domin ba ta yin ƙara. Gwada `sin(4*pi*x)**2` daga 0 zuwa 1. Amsar 0.5 ce, amma a ɗigogi biyar na farko, wato 0, 0.25, 0.5, 0.75 da 1, ƙimar fankishin sifili ce a dukansu. `S1` sifili, `S2` sifili, `d` sifili, shirin ya tsaya bayan kira biyar ya ce babu kuskure. Ko kuma gwada tsini siriri kamar `exp(-((x - 0.3)/0.001)**2)`, wanda intigiral ɗinsa kusan 0.0017725 ne. Ɗigo mafi kusa da tsinin shi ne 0.25, inda ƙimar take `exp(-2500)`, lambar da kwamfuta take mayarwa sifili tsantsa. Amsoshin biyu sun yarda da juna kamar shaidu biyu da suka tsaya a wuri ɗaya suna kallon gefe ɗaya, don haka yardarsu ba ta ƙara komai a kan abin da ɗayansu ya gani. Matse haddi ba ya maganin wannan ko kaɗan, tunda sifili ya gaza kowane haddi.

Dole in faɗa maka a fili cewa babu dabarar da za ta kawar da wannan gaba ɗaya. Duk shirin da yake kallon `f` a iyakantattun ɗigogi, ana iya ƙera masa fankishin da zai yi daidai da sifili a waɗannan ɗigogin ya kuma yi abin da ya ga dama a tsakaninsu. Abin da ake iya yi shi ne rage yiwuwar faruwar hakan. Kada a yarda shirin ya karɓi amsa kafin ya kai wani mafi ƙarancin zurfi, kuma rabawar farko kada ta zama a daidai rabi da kwata, domin fankishin masu maimaita kansu sun fi faɗawa tarkon ɗigogi masu tazara iri ɗaya. Mafi ƙarfi daga duka shi ne abin da kai ka sani game da matsalarka. Idan ka san tsinin yana wajen 0.3, yanke tazarar a nan tun farko, yadda 0.3 zai zama ƙarshen wani yanki, shirin kuwa ba zai iya kauce masa ba. Idan ka san mafi ƙanƙantar siffa a cikin `f` faɗinta 0.001 ne amma ba ka san inda take ba, to rabawar farko dole ta kai wannan ƙanƙanta, kuma wannan tsadar ta matsalar ce, ba ta shirin ba.

Rashin ƙarewar da ka gani kuwa ana iya lissafa shi daga wannan siffar `d` da na kawo a sama. Lambobin kwamfuta na yau da kullum masu bit 64 suna riƙe kimanin lambobi 16 ne, kuma a kusa da miliyan ɗaya tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata kusan `1.2e-10` ce. Ke nan kowace ƙimar `f` da ka lissafa tana ɗauke da ƙura mai girman wajen `1e-10`. Mu kira girman ƙurar `δ`. Ma'aunan da ke cikin `d` su ne 1, 4, 6, 4 da 1, jimillarsu 16, saboda haka ƙurar da ke shiga `d` tana iya kai `16/12*δ*h`. Abin da gwajin yake nema kuwa shi ne `15*eps*h`. Dubi yadda `h` yake a ɓangarorin biyu: raba yanki yana rage ƙurar da rabi, yana kuma rage haddin da rabi, don haka idan ƙurar ta fi haddin a zurfi ɗaya, ta fi shi a kowane zurfi. A wurinka ƙurar wajen `1e-10*h` ce, haddin kuma `1.5e-11*h`. Galibin yankuna ba sa wucewa sai idan ƙurar ta soke kanta bisa sa'a, kuma da yake abin ya shafi tazarar ko'ina, yawan yankunan yana ninkuwa a kowane mataki.

Wannan ne ya sa iyakar zurfi ita kaɗai ba kariya ba ce. Mutane da yawa suna sa iyakar 50 su kwanta da rai, alhali idan kowane reshe yana rabuwa, zurfin 30 kaɗai ya haura yankuna biliyan ɗaya, zurfin 50 kuwa ya haura `1e15`. Iyakar da take aiki ita ce ta yawan kiran `f` ko ta yawan yankuna. Kuma abin ya fi muni idan `f` ba lissafi ne kai tsaye ba, misali idan wani shirin ne yake warware shi da daidaiton `1e-8`. A nan `δ` ya zama `1e-8`, kuma neman haddin da ya gaza kimanin `δ*(b - a)/11` neman abin da babu ne.

Akwai wani nau'in rashin wucewa da ya yi kama da wannan amma bai kai shi tsada ba, wato inda `f` ya yi tsalle. Idan tsallen mai tsayin `J` ya faɗa cikin yanki, `d` ba ya taɓa gazawa `J*h/12`, ko a tsakanin waɗanne ɗigogi biyu ya faɗa, don haka shi ma yana tafiya da `h` kamar haddin, gwajin kuma ba zai taɓa wucewa ba sai in tsallen ƙarami ne ƙwarai. Bambancin shi ne reshe ɗaya kawai ke nutsawa. Hanyar gane su biyun ita ce ka buga jerin yankunan da shirin ya gwada: idan sun taru a wuri ɗaya suna ƙanƙancewa, akwai tsalle ko wani lahani a wannan wurin, idan kuma sun bazu a ko'ina da zurfi kusan ɗaya, ƙura kake kora.

Shawarata ita ce ka bar raba haddi ga yankuna, ka koma tsarin da yake duban jimilla. A wannan tsari ana ajiye dukan yankuna a jeri, kowanne da amsarsa da ƙiyasin kuskurensa. A kowane zagaye a ciro wanda ƙiyasinsa ya fi girma, a raba shi biyu, a mayar da 'ya'yansa cikin jerin, a sabunta jimillar amsa da jimillar kuskure. Ana tsayawa ne idan jimillar ƙiyasin ta sauka ƙasa da haddi, ba tare da an tilasta wa kowane yanki wani rabo ba. Da wannan, tsallen da ya hana tsohon tsari tsayawa ya zama abu mai sauƙi, domin kuskurensa yana raguwa da rabi a kowace rabawa, kuma bayan kamar rabawa 20 tsalle mai tsayin 1 ya sauka zuwa `1e-6`. Wata fa'idar kuma ita ce duk lokacin da aikin ya katse, an riga an kashe ƙoƙarin a inda ya fi amfani, kuma akwai amsa da ƙiyasi a hannu. Ga ƙashin bayan tsayawar:

```python
while True:
    haddi = max(epsabs, epsrel * abs(jimla))
    if kuskure <= haddi:
        return jimla, kuskure, 0
    if kira >= iyakar_kira:
        return jimla, kuskure, 1
    a, b = mafi_muni()
    m = a + (b - a) / 2
    if not (a < m < b) or ba_raguwa():
        return jimla, kuskure, 2
    raba(a, m, b)
```

Ƙofofin fita uku ne, kuma lambar ƙarshe da ake mayarwa tana faɗa wa mai kira ta wacce aka fita. Wannan lamba ita ce abin da na fi damuwa da shi a cikin dukan shirin. Tsayawa saboda an cim ma haddi daban take da tsayawa saboda kasafin kira ya ƙare, kuma shirin da ya mayar da lamba ɗaya tilo a duka halayen biyu ya ɓoye wa mai amfani da shi abin da ya fi buƙatar sani. Gwajin `a < m < b` yana kama lokacin da yankin ya ƙanƙance har babu wata lambar kwamfuta a tsakanin gefunansa. Gander da Gautschi sun yi amfani da shi a nazarinsu na shekarar 2000, tare da wata dabara ta tsayawa idan ƙara `d` a kan ƙiyasin girman intigiral ɗin bai sauya lambar ba. Shi kuwa `ba_raguwa()` ƙidaya ce ta sau nawa aka raba yanki amma jimillar ƙiyasin 'ya'yansa ba ta gaza ta uwar ba, alhali amsar ba ta motsa ba. Idan hakan ya maimaitu sau da yawa, an taɓo ƙura, ci gaba kuma ɓata lokaci ne.

Layin `haddi` ma yana da dalilinsa. Haddi na gwargwado, `epsrel`, shi ne ya dace da matsalarka, domin intigiral mai girman miliyan da `epsrel = 1e-10` yana neman daidaiton `1e-4`, abin da ake iya samu cikin sauƙi, kuma lambobi goma ne na gaskiya. Amma shi kaɗai yana da rami: idan amsar sifili ce ko kusa da sifili saboda ɓangaren sama ya soke na ƙasa, kamar `sin(x)` daga 0 zuwa `2*pi`, haddin ma sai ya zama kusan sifili, a koma gidan jiya. Saboda haka ake haɗa shi da `epsabs`, haddi tsayayye wanda bai dogara da girman amsar ba, a ɗauki wanda ya fi girma. A irin wannan yanayi ma'aunin da ya dace a kwatanta ƙura da shi shi ne intigiral na `abs(f)`, domin shi yake nuna girman lambobin da aka tara kafin su soke juna.

Idan aikinka na gaske ne ba na koyo ba, duk wannan an riga an gina shi a QUADPACK, wanda Piessens, de Doncker-Kapenga, Überhuber da Kahaner suka fitar a 1983, kuma shi ne a ƙarƙashin `scipy.integrate.quad`. Maimakon Simpson yana amfani da dokokin Gauss da Kronrod: a sigar ɗigogi 15, bakwai daga cikinsu su ne na dokar Gauss, wadda ba ta kuskure har daraja 13, duka sha biyar ɗin kuma suna ba da dokar Kronrod mai kai aƙalla daraja 22, sai a ɗauki bambancinsu a matsayin tushen ƙiyasi. Ɗigogin ba su da tazara iri ɗaya, ba sa kuma taɓa gefunan yanki, abin da ke taimakawa idan `f` ba shi da ƙima a gefen. Ba ya barin ƙiyasin yanki ya gaza 50 sau tazarar da ke tsakanin 1 da lambar kwamfuta mai bi mata sau intigiral na `abs(f)`, wato ba ya yin alkawarin da ƙura ta hana. Sigar `QAGS`, mai ɗigogi 21, tana ƙara dabarar epsilon ta Wynn domin hanzarta isa ga amsa a irin lahanin `sqrt(x)`. Tana kuma mayar da lambar `ier`, inda 1 ke nufin yankuna sun kai iyaka, 2 ke nufin an gano ƙurar lissafi, 5 kuma ke nufin da alama intigiral ɗin ba shi da iyaka ko yana isa a hankali ƙwarai. A `quad` haddin asali `1.49e-8` ne ga `epsabs` da `epsrel`, iyakar yankuna kuma `limit=50`. Idan gargaɗin iyaka ya fito, kada abu na farko ya zama ɗaga `limit`. Fara duba inda yankunan suka taru. Kuma siririn tsinin nan yana iya kuɓuce wa `quad` ma, shi ya sa aka tanadi `points=[0.3]`.

Inda ka san irin lahanin, cire shi da alƙalami ya fi barin shiri ya yi ta kokawa da shi. A misalinmu, sanya `x = t**2` yana mayar da intigiral ɗin na `2*t**2` daga 0 zuwa 1, folinomiyal mai daraja biyu, wanda Simpson yake ba da 2/3 cif da ɗigogi uku. Kafin ka amince da shirinka kuma, gwada shi da `sqrt(x)`, da tsalle a wurin da ba rabi ko kwata ba kamar 1/3, da tsinin 0.3, da `sin(4*pi*x)**2`, kowanne a haddi daban daban daga `1e-3` zuwa `1e-12`, kana rubuta ainihin kuskure kusa da ƙiyasi da yawan kira da lambar fita. Layin da za ka nema a teburin shi ne wanda lambar fitarsa 0 ce amma ainihin kuskurensa ya fi haddi. Ga fankishin ɗinka mai kai miliyan, fara da `epsrel = 1e-10` da iyakar kira dubu goma, sannan ka sake lissafin bayan ka yanke tazarar a wani wuri na daban kamar 0.37 na faɗinta. Idan amsoshin biyu suka bambanta da fiye da ƙiyasinsu a haɗe, akwai wata siffa a cikin `f` da ɗaya daga cikinsu bai gani ba, kuma jerin yankunan wanda ya fi yawan kira zai nuna maka wurin.